Kamfani ya yi maka rarar albashi: nawa zai iya cirewa a wata?

Wani direban motar kaya da ke aiki a Apapa ya rubuto mini cewa albashinsa ₦120,000 ne, amma daga Janairu zuwa Yuni an riƙa ƙara masa ₦15,000 duk wata bisa kuskure. A watan Yuli akanta ya gano, yanzu suna neman su kwashe ₦90,000 cikin wata biyu.

Malam, kuɗin dai ba naka ba ne, wannan babu ja. Sai dai sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya gindaya wa kamfani sharaɗi biyu.

Rarar da za su iya cirewa daga albashi ita ce wadda aka biya a cikin wata uku kafin watan da aka gano kuskuren. Tunda a Yuli suka farga, Afrilu da Mayu da Yuni kaɗai suka shiga lissafi, wato ₦45,000. Na Janairu zuwa Maris ba su da ikon zarewa daga albashinka da kansu. Wannan ba yana nufin an yafe ba, suna iya neman ku sasanta ko su kai ƙara.

Sharaɗi na biyu, jimillar abin da ake cirewa a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, a wurinka ₦40,000 ke nan. Nan ne akantoci kan yi tuntuɓe, sai su manta da abin da dama ake yanka. Ka ce ana cire maka ₦12,000 na fansho da kuɗin ƙungiya, to saura ₦28,000. Ka ga ₦45,000 a wata da suke so ya tsallake iyaka nesa ba kusa ba.

Kashi ɗaya cikin uku ɗin ma iyaka ce kawai, ba dole a kai can ba. Da a ce ₦22,500 za a cire sau biyu, ₦85,500 za ka riƙa ɗauka, ga haya, ga kuɗin danfo daga Agege. Ni da zan ba ka shawara, ka nemi a raba wata shida, ₦7,500 kowane wata, ka tashi da ₦100,500.

Kafin ka sa hannu, ka karɓi takardun albashinka na Janairu zuwa Yuni ka gwada da alat ɗin banki, don wani lokaci kuɗin obataim ne ake kira kuskure. Ka tabbata yarjejeniyar da za ka sa wa hannu ta faɗi jimillar bashi, abin cirewa duk wata, da watan ƙarshe.

Kariyar nan ta leburori ce da direbobi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru takardar ɗaukar aikinsu ake fara dubawa. In suka yanke fiye da ƙima, ka rubuta ƙorafi ka ajiye kwafi, ka kai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Legas. In abin ya faskara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi.