Me ya sa aka ce maganin da ke da lamba 1 ba zai yi aiki ba, mai lamba 16 kuma zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni jami'ar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti. Ina da majinyaciya 'yar shekara 34 mai zafin fitsari da yawan fitarsa, babu zazzaɓi, babu ciwon kwiɓi, ba ta da juna biyu. Mun tura fitsarinta gwaji, ga abin da ya fito:

```
E. coli
Ciprofloxacin     1        R
Nitrofurantoin    16       S
Meropenem         <=0.25   S
```

Hankalina bai kwanta ba. An koya mana ƙarancin MIC shi ne ƙarfin magani. Ko masu gwajin sun juya haruffan ne? Mijinta kuma ya nace sai an yi mata allurar meropenem ɗin nan ta ƙasan takardar tunda lambarta ta fi ƙanƙanta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya juya harafi: S na nufin ƙwayar cutar tana jin maganin, R kuma ba ta jin sa. Takardar daidai take, kuma bisa abin da kika bayyana naitrofurantoyin ne maganin matar nan, matuƙar ƙodarta na aiki lafiya. Amma bari in fara da yadda ake samo lambar, wato MIC, mafi ƙarancin ƙarfin maganin da ke hana ƙwayar cutar tsiro, don wanda ya taɓa ganin farantin gwajin da idonsa ba ya sake yi wa lambar wannan fassara.

Muna amfani da farantin roba mai ramuka 96. A jere ɗaya ana zuba magani guda cikin ruwan reno na Mueller-Hinton, kowane rami yana ninka na bayansa ƙarfi: 0.25, 0.5, 1, 2, 4, 8, haka har sama, duk a ma'aunin mg/L. Daga nan sai a ɗebo ƙwayar cutar daga farantin da ta kwana tana tsiro, a dama ta a ruwan gishiri har gurɓacewar ruwan ta kai ma'aunin 0.5 McFarland, a sake tsarma ta yadda kowane rami zai samu kimanin ƙwaya 500,000 a kowane mililita. A rufe, a saka a inkubeta a zafin digiri 35, a bar shi awa 16 zuwa 20. Washegari a duba. Ramin da ƙwaya ta tsiro zai yi duhu-duhu ko ya tara ɗan ɗigo a ƙasa, wanda ba ta tsiro ba zai kasance garau. Rami na farko da ya fito garau, shi ne MIC. A majinyaciyarki, ƙwayar ta tsiro a 0.25 da 0.5 na siprofuloksasin, ta tsaya a 1. A jeren naitrofurantoyin ta tsiro har 8, ta tsaya a 16.

Kowane faranti kuma yana da shaidu. Akwai ramin da aka sa ƙwaya ba magani, dole ya yi duhu. Akwai wanda aka sa ruwan reno zalla, dole ya zauna garau. Sannan ana gwada wata ƙwaya da aka riga aka san amsarta, irin E. coli ATCC 25922, a ga ko ta faɗa inda ya kamata. In ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, farantin na kwandon shara ne. Abin da ya fi ɓata gwajin a wurarenmu shi ne yawan ƙwayar da aka zuba: in ta yi kauri lamba ta hau, in ta tsinke lamba ta sauka, a ce magani zai yi alhali ba zai yi ba. Sai kuma ɗauke wuta da dare, inkubeta ta huce, ƙwaya ta ƙi tsiro yadda ya kamata, komai ya fito kamar yana jin magani.

Ki kuma sani ko a hannun ƙwararre lambar tana iya motsawa rami ɗaya sama ko ƙasa. Ƙwayar da ta ba da 16 yau tana iya ba da 8 ko 32 gobe ba tare da ta canza hali ba. Alamar `<=` kuwa tana nufin ko a rami mafi rauni ƙwayar ba ta tsiro ba, don haka ba a san ainihin lambar ba, an dai san ba ta wuce nan ba.

To yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin kusan kullum sai wani ya shigo mini da takarda yana nuna ƙaramar lamba da yatsa. Abin da aka koya muku gaskiya ne, amma rabinsa aka faɗa. Ƙarancin MIC yana nuna ƙwaya ta fi jin magani idan magani ɗaya ake magana a kai. E. coli mai siprofuloksasin 0.03 ta fi mai 1 jin siprofuloksasin, wannan babu musu. Da zarar kin tsallaka daga jeren wani magani zuwa na wani, kwatancen ya mutu. Buhu ɗaya na masara ya isa ya karya keke, buhu ɗari kuma tirela ko gezau ba za ta yi ba. Nauyi ba ya da ma'ana sai an san mai ɗauka.

Kowane magani yana da iyakarsa, wadda kwamitocin CLSI na Amurka da EUCAST na Turai suke fitarwa suna sabuntawa. A jadawalin CLSI, ga dangin E. coli, siprofuloksasin yana samun S ne idan lambar ba ta wuce 0.25 ba, 0.5 tsaka-tsaki ne, 1 zuwa sama kuma R. Naitrofurantoyin yana samun S har zuwa 32. Ke nan 1 ɗin nan ya ninka iyakarsa sau huɗu, 16 kuma rabin iyakarsa ne kawai.

Iyakar ba da ka aka yanke ta ba. Ana duba yawan maganin da jiki ke iya kaiwa wurin da cutar take a ƙa'idar shan da ba za ta cutar da mutum ba. Ƙwayar siprofuloksasin mai miligiram 500 tana kai kimanin 2 zuwa 3 mg/L a jini a ƙololuwarta, sannan ta fara sauka. Irin wannan magani yana buƙatar jimillar abin da ya ratsa jini a awa 24 ta ninka MIC ɗin kusan sau 125 kafin a samu natsuwa. Mai shan 500 safe da yamma yana tara wajen 25 a wannan ma'auni. Raba 25 da 0.25, kin samu 100, an yi kusa. Raba 25 da 1, kin samu 25, ko kusa ba a je ba. Naitrofurantoyin kuwa kusan ba ya zama a jini, ƙoda tana tattara shi ta zuba a fitsari, inda ƙarfinsa ke wuce 16 nesa ba kusa ba. Shi ya sa yake gama da cutar mafitsara. Shi ya sa kuma, ki riƙe wannan da kyau, S ɗinsa ta mafitsara ce kaɗai. Idan matar nan ta dawo da zazzaɓi, rawar ɗari da ciwon kwiɓi, cutar ta hau ƙoda, kuma S ɗin da ke takardar ba za ta amfane ta da komai ba domin maganin ba ya taruwa a tsokar ƙoda ko a jini. A nan sai a sake shawara da likita nan take. Haka idan ƙodar mutum ta yi rauni, maganin ba zai isa fitsarin da yawa ba.

Wani zai ce ai siprofuloksasin ma yana taruwa a fitsari, kuma ya ga wadda ta warke da shi duk da R. Yana faruwa. Amma caca ce, kuma ba na ba da shawarar caca alhali ga magani mai S a gabanki, mai araha, na sha.

Maganar mijin kuwa, ki zaunar da shi ki gaya masa cikin mutunci cewa meropenem ba zai warkar da zafin fitsarin nan fiye da ƙwayar da za ta sha a gida ba. Allura ce ta jijiya, sau uku a rana, mai tsada, wadda muke ajiyewa don ranar da ƙwaya ta ƙi jin sauran magunguna, cuta ta shiga jini, rai yana hannun Allah. Duk lokacin da aka harba ta a kan cutar da ba ta kai ba, ana horar da ƙwayoyin hanjin majinyacin ne su koyi jure ta. Ranar da aka buƙace ta da gaske, sai a samu R a gabanta, kuma abin da ya rage bayanta kaɗan ne, mai wahalar samu, wani ma mai cin ƙoda. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba jahilai kaɗai ke wannan ba. Na sha ganin wanda ya yi karatu ya zagaye ƙaramar lamba da biro ya ce ga "mai ƙarfin". Balle mai kemis da ke karɓar takardar gwaji ta taga, ya duba ta a tsaye, ya haɗa wa mace magani uku a leda da sunan maganin sanyi. Shi ko iyaka ɗaya bai taɓa gani ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne takardun da ke zuwa da +, ++ da +++. Wannan ba MIC ba ne. Gwajin faifai ne, inda ake aza ƙananan takardu masu magani a kan faranti a auna faɗin da'irar da ƙwaya ta ƙi shiga. Gwaji ne mai kyau idan an auna da milimita aka duba jadawali aka rubuta S, I ko R. Amma a kalli da'ira da ido a ce babba +++ ce, ƙarama + ce, wannan babu shi a CLSI, babu shi a EUCAST. Faɗin da'ira ya danganta da yawan maganin da ke cikin faifan da yadda yake ratsa farantin, saboda haka wani magani da ƙaramar da'ira yana S, wani da babba yana R.

Abu biyu za ki riƙa tambayar ɗakin gwajin da kuke hulɗa da shi. Na farko, wane jadawali suke bi. Harafin I a CLSI tsaka-tsaki ne, amma tun 2019 EUCAST ta mayar da shi "zai yi aiki idan an ƙara yawan maganin da ke isa wurin cutar", don haka harafi ɗaya ne da umarni biyu. Na biyu, jadawalin na wace shekara ne. Kafin 2019 CLSI tana ba siprofuloksasin S har zuwa 1. Da fitsarin majinyaciyarki ya faɗa hannun masu tsohon jadawali, da wannan 1 ɗin ya zo miki da S a gabansa, da kin rubuta shi hankali kwance. Waɗanda suka yi miki wannan gwajin sun sabunta nasu, ki ci gaba da tura musu.

Ki ba ta naitrofurantoyin na kwana biyar zuwa bakwai bisa ƙa'idar asibitinku, ta riƙa sha da abinci, ki faɗa mata fitsarinta na iya yin duhu don kada ta tsorata ta daina. In bayan kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ta dawo a ranar.