Ana danna tallar, ba a saye: ina matsalar take?

"Maigida, tallar da na ɗora tana samun dannawa sosai, CTR ɗinta, wato kason masu dannawa cikin waɗanda suka gan ta, ya fi na duk sauran, amma cikin mutum 900 da suka danna, huɗu kacal suka cika fom. Shafin da tallar ke kai su zan sake, ko mutanen da nake nuna wa tallar zan canza, ko rubutun tallar ne? Don Allah a ba ni haske."

Kada ka taɓa komai tukuna. Wannan gaggawar taku ta yaran yanzu ce ke cinye kuɗin mutane: da kun ga lamba ta faɗi sai ku sake hoto, ku sake rubutu, ku sake shafi, duk a rana ɗaya, gobe in abu ya gyaru ba ku san wanne ya gyara shi ba. Ba zan tsaya koya maka duba ko na'urar ƙirgenka tana ƙirga masu cika fom daidai ba. Wanda bai cika fom ɗin da hannunsa ya ga an ƙirga shi ba, bai ma fara aiki ba.

Tambayarka ta tuna min wani mutum da har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Yana sayar da manhajar lissafin kuɗi ta ƙananan 'yan kasuwa. Muka yi yarjejeniya cewa za a biya ni gwargwadon yawan waɗanda suka yi rajista. Na rubuta tallar da kaina: a gwada kyauta kwana 30, ba sai an saka katin banki ba. Shafin ma haka ya faɗa, da manyan baƙaƙe a sama. Wata biyu abin yana tafiya sumul, a mako mutum kusan 4,000 ke dannawa, wajen 240 su yi rajista, wato shida cikin ɗari.

Kwatsam sai rajista ta faɗo ƙasa da 40 a mako, dannawa kuma tana nan yadda take. Na kira shi na tambaye shi ko an taɓa shafin. Ya rantse min ba a taɓa komai ba. Na buɗe shafin farko, na ga yana nan yadda na san shi, na yarda da maganarsa. Sai na koma kan masu ganin tallar. Mako uku ina rage shekaru, ina cire yankuna, ina kashe wannan rukuni ina buɗe wancan, har na rusa tsarin da na sha wata biyu ina ginawa. Kullum yana kirana yana cewa na kawo masa 'yan kallo, ba masu saye ba.

Wani dare na ɗauki wayata na bi tallar kamar baƙo, na danna maɓallin rajista, na saka suna da imel, na wuce mataki na biyu. Sai ga akwatin lambar kati, ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na baya, kuma ba yadda za ka wuce sai ka cika. Ashe shi ya sa mai kula da shafinsa ya ƙara wannan matakin, don in kwana 30 suka cika a cire kuɗi kai tsaye, ya bar tallata tana ci gaba da cewa ba sai da kati ba. Da na nuna masa, ko kunya bai ji ba. Ya ce ai shafinsa ne, kuma tunda rajista ba ta kai yadda muka yi magana ba, ba zai biya ni kuɗin watan ba. Bai biya ba har yau. Abin da ya fi ci min rai shi ne an yi amfani da rubutuna an yaudari dubban mutane.

Kuma amsar tana cikin lambobina tun ranar farko. Masu danna maɓallin rajista ba su ragu ba, kusan 1,100 ne a mako kafin faɗuwar da bayanta. A mataki na biyu suke ɓacewa. Mutumin da ya karanta shafi har ƙasa, ya danna maɓalli, ya rubuta sunansa, ba za ka ce ba ya son kayan ba. Ya zo karɓar abin da aka yi masa alkawari ne, ya tarar da wani abu daban, ya juya. Duk inda ka ga mutane suna daɗewa, suna fara cikawa, sannan su watse a wuri ɗaya tak, je ka wurin ka karanta abin da aka rubuta, ka ajiye shi gefen tallarka. Kuɗin da ba a ambata ba, sharaɗin da aka ɓoye, ragin da ya ƙare amma tallar tana ta shelarsa, a nan za ka same su.

Don haka mutum 900 ɗin nan naka, ka bi sawunsu. Fara da tabbatar da cewa sun iso ma. In a Meta ka ɗora, wato Facebook ko Instagram, ka tabbata Link clicks kake karantawa, wato dannawar da aka yi a kan link ɗin tallar, domin Clicks (all) yana haɗawa da wanda ya taɓa hoto ko sunan shafinku na Facebook bai fita ko'ina ba. Sannan ka kwatanta Link clicks da Landing page views. In 900 suka danna amma 500 kawai shafin ya buɗe wa, to shafin yana da nauyi, mutane sun gaji da jira sun koma, ko kuma da yawa bisa kuskure suka danna. Raba lambobin tsakanin waya da kwamfuta. In masu kwamfuta suna cikawa, masu waya ba sa yi, laifin shafin ne: ko maɓallin ya ɓuya, ko fom ɗin yana ƙin karɓar lambar waya, ko wani abu ya rufe allon.

Matsalar mutane kuwa kamanninta daban ne. Suna isowa, amma ba sa yin ko daƙiƙa goma, ba sa gangarawa ƙasa, kuma in ka raba su za ka ga yawancin dannawar daga kafa ɗaya take kwararowa. A Meta ka raba ta wurin da tallar ta fito, ka duba Audience Network, inda talla ke bayyana cikin wasannin waya, yatsa ya zame ya danna. A Google Ads ka buɗe Search terms ka karanta ainihin abin da mutane suka rubuta. In kana sayar da manhaja amma masu zuwa aikin yi suke nema ko darasin kyauta, ka toshe waɗannan kalmomin, shafin ba shi da laifi.

Rubutun tallar ma ka sake karanta shi da idon gaskiya. Ku yaran yanzu kuna son CTR mai tsawo don ku ɗauki hotonsa ku nuna wa abokai, sai ku rubuta abin da zai ja kowa da kowa. Ni na fi son tallar da ta faɗi sharaɗi tun daga farko, ta kori wanda ba zai saya ba kafin a caje ni kuɗin dannawarsa. CTR zai sauka, kuma ba zan damu ba.

Gobe da safe ka zo min da lambobi huɗu: nawa suka danna, nawa shafin ya buɗe wa, nawa suka fara cika fom, nawa suka gama, kowanne a rabe waya daban kwamfuta daban. Kafin nan ka kashe wayifai, ka bi tallar da datar wayarka har mataki na ƙarshe, kada ka tsaya a shafin farko ko da mai kayan ya rantse maka.