In Sauya Iyakoki, Ko In Koma Kan x?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na lissafa ∫₀² x(x² + 1)³ dx ta hanyar musanya harafi, na ɗauki u = x² + 1, na sami 2, amma amsar da ke bayan littafi 78 ce. Abokina ya ce in daina sauya iyakoki, in riƙa komawa kan x kawai. Wace hanya zan zaɓa?"

Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka sauya iyakokin, kuma ka yi hakan a layin da ka rubuta u da du, kafin ka taɓa alamar intigiral. Hanyar abokinka ma daidai take, amma 2 da ka samu ta nuna cewa ba ka bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu har ƙarshe ba, ka ɗauki rabin wannan ka haɗa da rabin waccan.

Lambobin nan 0 da 2 da ke jikin alamar suna faɗin inda x ya fara da inda ya tsaya, don haka da zarar ka koma aiki da u, dole ka tambayi kanka inda u yake a waɗannan wurare biyu. Idan x = 0, to u = 0² + 1 = 1, idan kuma x = 2, to u = 2² + 1 = 5. Daga u = x² + 1 ake samun du = 2x dx, wato x dx = du/2, sai aikin ya zama haka:

```
∫₀² x(x² + 1)³ dx = (1/2) ∫₁⁵ u³ du
= (1/8)(5⁴ − 1⁴)
= 624/8 = 78
```

Kai kuwa ka kai har u⁴/8 lafiya lau, sannan ka zuba 2 da 0 a cikin u, ka sami 16/8. Da ka bi hanyar abokinka, sai ka fara mayar da u⁴/8 zuwa (x² + 1)⁴/8, sannan ka zuba 2 da 0, kuma 78 ɗin dai za ta fito. Aibin wannan hanya shi ne layukan tsakiya: ɗalibai da yawa kan rubuta du amma su bar 0 da 2 a jikin alamar, layin ya zama ƙarya ko da amsar ƙarshe ta fito daidai, kuma daga irin wannan layi ne hannu ke zamewa. Wanda ya dage sai ya bi ta, ya ajiye iyakokin gefe ɗungurum, ya warware intigiral ɗin ba tare da su ba, ya dawo da su bayan x ya dawo.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka tun a ɗakin jarrabawa cewa 2 ba za ta yiwu ba. A x = 1, darajar x(x² + 1)³ ita ce 8, kuma daga nan hawa take yi har ta kai 250 a x = 2. Ke nan faɗin filin da ke ƙarƙashin layin tsakanin 1 da 2 kaɗai ya wuce 8, balle a ce gaba ɗayansa 2 ne.

Idan ka karɓi shawarata, ka kiyaye abu biyu. Na farko, sabuwar iyakar ƙasa tana iya fin ta sama girma, kuma ba a gyara ta don ta yi kyan gani. Ɗauki intigiral na sin x cos² x daga 0 zuwa π/2, da u = cos x da du = −sin x dx. A x = 0, u = 1, a x = π/2 kuwa u = 0, saboda haka 1 ce a ƙasa, 0 a sama, ga kuma alamar ragewa a gaba. An yarda ka juya iyakokin, amma juyawar tana canza alama, ita ce za ta cinye waccan alamar ragewar, a sami intigiral na u² daga 0 zuwa 1, wato 1/3. Wanda ya juya iyakokin kuma ya bar alamar ragewa zai sami −1/3, alhali sin x da cos² x ba sa sauka ƙasa da sifili a wannan tazara, don haka amsar ma ba za ta sauka ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma na ga ya kayar da ɗalibai masu ƙoƙari. Gwada intigiral na x² daga −1 zuwa 1 da u = x². Iyakokin duka biyu za su zama 1, sai mutum ya yi murna ya rubuta sifili, alhali amsar gaskiya 2/3 ce. Matsalar tana wajen dx: babu ragowar x a cikin tambayar da zai haɗu da dx ya ba da du, don haka dole ka rubuta x = √u, wannan kuwa gaskiya ne a ɓangaren da x ya kai sifili ko ya fi shi kawai, daga −1 zuwa 0 sai dai x = −√u. A tambayarka ta farko hakan bai taso ba, domin x dx yana zaune a wurin yana jiran du. Duk lokacin da musanyar ta tilasta maka fitar da x daga cikin u, ka duba ko darajar u guda tana fitowa daga x biyu a cikin tazarar, in haka ne ka raba tazarar a inda u ke juyawa, a nan x = 0, ka yi kowane ɓangare daban.

Tambaya: "Ina tunanin sayen kalkuleta mai maɓallin ∫ don in riƙa duba amsoshina. Ta cancanci kuɗinta?"

Malama, in don duba amsa ne a gida, tana da amfani, muddin kin san iyakar abin da za ta yi miki. Kalkuletar kimiyya mai wannan maɓalli kiyasi take yi da lambobi, ba ta musanya harafi kuma ba ta nuna matakai, don haka za ta faɗa miki cewa amsarki ba daidai ba ce amma ba za ta nuna layin da kika kauce ba. Ki shigar da tambayar yadda aka ba ki ita, da x da iyakokinta na asali, domin idan kika shigar da wadda kika riga kika mayar zuwa u, kuskuren iyakokin ma za ta maimaita miki. Sannan idan akwai sin ko cos, ki tabbata tana kan radiyan: misalin sin x cos² x na sama ya kamata ya ba ki 0.3333, amma idan tana kan digiri za ki ga kusan 0.0215. Kafin ki biya, ki duba ƙa'idar jarrabawar da za ki zauna, domin wasu hukumomin suna iyakance irin kalkuletar da ake shiga da ita.