Hukuncin Takardar Ragi Idan An Yi Kuskure A Inbois Kuma Mai Saye Ya Riga Ya Biya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni akawu ne a wani shagon sari a Kasuwar Singa, Kano. Wani kwastomanmu na Gusau ya yi ciniki da maigidana a kan katan 100 na sabulu, kowanne naira 8,500. Ni kuma na buga masa inbois na katan 120 a tsohon farashi, naira 9,000. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari kuɗin ya kama naira 1,161,000, ya tura duka kafin kaya su isa. Da aka sauke ya ƙirga ya ga 100. Na so in yaga inbois ɗin in buga sabo, akantanmu ya hana, ya ce takardar ragi za a fitar, wadda suke kira kiredit not. Maigida kuma ya ce ba za a mayar da kuɗi ba, sai dai mutumin ya ɗauki kaya da su nan gaba, tunda yaron mai sayen ya sa hannu a inbois ɗin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na lura ka ce ka so ka yaga takardar, kuma ina jin tsoron faɗan maigida ne ya sa. Akantanku ya yi maka gata. Inbois yana da lamba a jere, ya shiga littafinku, ya shiga na mai saye, harajin da ke kansa ma an ƙirga shi cikin abin da za ku miƙa wa hukuma. In ka yaga naka, kwafin Gusau yana nan, ranar da aka zo bin diddigi kuma kai za a tuhuma da abin da ya fi kuskure muni. Takardar ragi tana barin tsohuwar takarda yadda take, ta ambaci lambarta da ranarta, ta faɗi dalili, sannan ta cire abin da ya yi yawa. Halaccinta ba abin jayayya ba ne, rubuta gaskiyar bashi ce.

Kafin ka buga komai, shiga sito ka ƙirga. In katan 20 ɗin nan suna jibge a wurinku, kuskuren alƙalami ne, abin da zan faɗa ya hau kansa. In kuwa takardar lodi ta nuna 120 suka fita, to kaya ne suka ɓata a hanya, wannan wata mas'ala ce da sai an san wanda ya ɗauko direban. Na gina amsata a kan cewa 100 aka loda.

Kurakuranka biyu ne, don haka layi biyu za ka rubuta. Na farko katan 20 da ba a kai ba, a farashin da aka caje su, wato 9,000, ya ba da naira 180,000. Na biyu rarar naira 500 a kan katan 100 da suka isa, naira 50,000. Jimla 230,000. Harajin da ya hau wannan adadi shi ma sai ya sauka, naira 17,250. Takardar ragin za ta ɗauki naira 247,250. Wurin da akawu kan zame shi ne ya lissafa naira 500 ɗin a kan katan 120, alhali ya riga ya cire 20 da cikakken kuɗinsu, sai ya yi wa maigidansa asarar naira 10,000 ban da haraji. Wasu kuma harajin suke mantawa, mai saye ya biya haraji a kan sabulun da bai gani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: lissafa cinikin gaskiya daga farko, katan 100 a 8,500 da harajinsa, za ka sami naira 913,750. In ka cire ragin daga 1,161,000 ba ka faɗo kan wannan adadi ba, akwai gyara.

Yanzu maganar maigidanka. Na sha jin ta a bakin 'yan kasuwa, har da masu ɗan karatu: wai inbois da aka sa wa hannu shi ne ciniki, duk ragin da ya biyo baya alfarma ce, mai alfarma kuwa yana da ikon gindaya sharaɗi. Sukan kafa hujja da umarnin rubuta bashi a ƙarshen Suratul Baƙara. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Ciniki yana ƙulluwa ne da abin da ya nuna yardar ɓangarorin biyu, kuma naku ya ƙullu tun lokacin da maigida ya ce ya sallama katan 100 a 8,500. Takardar ta zo daga baya a matsayin shaida, kuma shaidar da duka ɓangarorin suka yarda ta yi kuskure ba a yin hukunci da ita. Ayar da suke jawowa ma ta umarci marubuci ya rubuta da adalci, ta hana tauye haƙƙi, ta yaya za ta zama mafakar riƙe abin da aka rubuta bisa ɓatan lissafi? Sa hannun yaron shago kuwa ba ya haifar da katan 20 da ba su sauka daga mota ba. Ka tambayi maigida cikin ladabi: da 80 ka rubuta aka kai 100, zai ce takarda ce ciniki ya haƙura? Ai kafin la'asar zai sa ka buga inbois na ƙari, kuma yana da gaskiya in ya yi hakan. Alfarma ita ce a ce ciniki ya tafi daidai, mai saye ya dawo yana nadama, a karɓi kayan a mayar masa da kuɗinsa. Nan babu wannan.

Abin da ya sauya hukuncin a tambayarka shi ne mutumin ya riga ya biya. Da bai biya ba, takardar ragi ta wadatar, bashinsa ya sauka zuwa 913,750. Tunda ya biya, naira 247,250 dukiyarsa ce a hannunku, kuma takarda kaɗai ba ta sauke nauyin. In ya ce a tura masa, wajibi ne a tura ba tare da jan ƙafa ba, tilasta shi sayayya da kuɗinsa cin dukiya ne ba da yarda ba. In ya zaɓa da kansa a bar su, ya halatta, sai su zauna a matsayin kuɗi, ranar da ya sayi kaya ya karɓa a cire daga farashin wannan rana. Abin da za ku kiyaye shi ne a ce an mayar da su katan kaza da za a ba shi wata mai zuwa. Wannan sauya bashi ne da wani bashin, kuma malamanmu na Malikiyya sun hana shi, yana nan a Risala a babin ciniki.

Kai kuma kada ka yarda a zaftare albashinka a kan wannan da sunan diyya, domin babu abin da ya salwanta, sabulun yana sito. Amma ka cire tsohon farashin daga na'urarku yau. Ka kuma sa maigida ko akanta ya sa hannu a kowace takardar ragi, ka maƙala mata takardar lodi, kada ta zama kai kaɗai ke fitarwa, domin ta wannan ƙofa ma'aikata da yawa suka fara goge bashin abokansu. Ka aika wa na Gusau kwafinsa don ya gyara nasa littafin, ka kira shi da bakinka ka ba shi haƙuri.

Wallahu a'alam.