Kuɗin da ya koma hannun ɗan canji, sake ƙirga shi

Tambaya: "Malam, ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sarowa. Na canza dala 1,000 a wajen wani ɗan canji a bakin titi, muka ƙirga, da na isa gida na tarar babu naira 52,000. Mako mai zuwa kuma dala zan saya. Yaya zan kare kaina daga ƙwange da jabu?"

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ina kyautata zaton rafa biyu ko uku kika ƙirga, sauran kika ƙirga ɗauri. Mu ce farashin 1,500 ne, kuɗinki naira miliyan ɗaya da rabi, wato rafa 15 ta 'yan dubu-dubu, kowace takarda 100. Mai wannan sana'ar yakan ɗora cikakku biyu a sama, don ya san su za ki fara kwancewa. Sauran 13 ya zare huɗu-huɗu, kin ga 52,000 ke nan. Rafa mai takarda 96 ba a gane ta da ido, ba a gane ta da nauyi, balle an matse ta da roba. Wani kuma ba ya zarewa, 'yan ɗari biyar yake cusawa a tsakiya, adadi ya cika, kuɗi bai cika ba. Shi ya sa ba a ƙirga kusurwa kawai. Ki kwance robar, ki baje rafar kamar mafici, launin da ya saɓa zai fito.

Wadda ta fi cin mutane ita ce ta "kawo in gani". Da gangan zai miƙo miki kuɗin da gibin dubu biyu. Ki ƙirga, ki ce bai cika ba, ya karɓa yana salati, ya ƙirga a gabanki, ya ce wallahi gaskiyarki, ya ɗora biyun. A wannan karɓar ce yatsunsa suke janye goma ko ashirin daga ƙasa. Ke kuwa hankalinki ya kwanta tunda kin kama kuskure an gyara, sai ki jefa a jaka. To duk kuɗin da ya koma hannunsa, ko na daƙiƙa ɗaya ne, ki ɗauka ba a taɓa ƙirga shi ba. Ke ce ta ƙarshe da za ta ƙirga, kuma dalarki tana jakarki sai kin gama. In ya fara "yi sauri Hajiya, ga jami'ai nan", miƙa masa kayansa ki wuce.

Sai dalar da za ki saya. Ki ce 'yar ɗari mai shuɗin zare kike so, wadda ta fara yawo a 2013, domin ta fi sauƙin tantancewa, tsohuwar kuma sau da yawa ana karya mata farashi. Shuɗin zaren nan saƙa shi aka yi cikin takardar, ba buga shi aka yi a kai ba. Karkata ta gaba da baya, za ki ga ƙananan ƙararrawa suna rikiɗa zuwa 100 suna motsi. A jabu zaren yana ƙyalli amma a sandare yake. Lambar 100 ta ƙasa daga dama tana juyawa daga ruwan tagulla zuwa kore, haka ma ƙararrawar da ke cikin kwalbar tawada. Goga farce a kafaɗar Benjamin Franklin, mutumin da hotonsa ke tsakiyar takardar, za ki ji kaushi.

Kada ki dogara da biron gwaji. Sitaci yake nema a jikin takarda, wanda takardar dala ta gaske ba ta da shi, alhali akwai masu wanke 'yar dala ɗaya ko biyar da sinadari su buga 100 a kanta. Takardar ta gaske ce, don haka biro zai ce lafiya lau. Haske ne ke tona su: ɗaga ta sama, a farin filin dama dole inuwar fuskar da za ta bayyana ta zama ta Franklin ɗin da ke tsakiya. In kika ga wata fuska, ko lambar 5, ko wayam, mayar masa. Ki kuma bi lambobin siriyal na takardun da ido, biyu masu lamba iri ɗaya ba su yiwuwa. Dala 2,000 takarda 20 ce kacal, ɗaya bayan ɗaya ba za ta ci miki minti biyar ba.

Ni dai da za ki ji tawa, ki shiga shago mai lasisi, ko a Wapa ta Kano ko inda kika fi kusa, inda akwai injin ƙirga da rasit da wurin zama. Ko da farashin titi ya fi na shago da naira 10, a kan dala 1,000 dubu goma ne kawai, ke kuma kin ga abin da kika baro a titi. In taransifa za a yi miki, ki buɗe asusunki da kanki ki ga kuɗin ya zauna, kada ki saki dala don saƙon alat ya shigo waya.