Kashi ɗaya cikin ɗari: hannun jari nawa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya, na tara naira 500,000 na fara sayen hannun jari ta manhajar waya. An ce min kada in wuce kashi 1 cikin 100 a kowane ciniki. Ke nan na naira 5,000 kaɗai zan riƙa saye? To yaushe zan ga riba? Daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, sai dai rabin bayani aka yi maka. Wannan dubu biyar ita ce asarar da ka yarda ka ɗauka idan ciniki ya juye maka. Kuɗin saye daban ne, kuma lissafi ne ke fitar da shi.

Kafin ka saya, sai ka fara yanke farashin da in an kai shi za ka amince cewa hasashenka bai yi ba, ka sayar ka fita. A manhajojin da ke da shi, shi ne wurin da aka rubuta `Stop Loss`. In taka ba ta da shi, rubuta a takarda ka riƙa dubawa da kanka.

A ce hannun jarin wani kamfani yana naira 50. Ka bibiyi farashinsa na 'yan watanni, ka lura duk lokacin da ya sauko wajen 47 yakan sake tashi. Sai ka sa wurin fitarka ƙasa da nan kaɗan, a 46. Ke nan a kowane hannun jari guda, naira 4 ce ke cikin haɗari. Ga lissafin:

```
adadi = (jari × 1%) ÷ (farashin shiga − farashin fita)
adadi = 5,000 ÷ 4 = 1,250
```

Guda 1,250 a kan naira 50 ya kama naira 62,500. Wannan ne kuɗin sayenka. In ya faɗo 46 ka fita, dubu biyar ta tafi, jarinka ya koma 495,000, ciniki na gaba kuma 4,950 ce iyakarka. In ya hau 58, ka sami dubu goma, ninki biyun abin da ka sa a haɗari. Kada ka manta da kuɗin dillali da sauran caji na saye da na sayarwa. Ni nakan cire su daga cikin dubu biyar ɗin tun kafin in raba, don asarar gaskiya ta tsaya inda na ce.

Abin da ya sa nake riƙe da kashi ɗaya shi ne faɗuwa a jere, wadda duk mai wannan harka sai ya gamu da ita. Ciniki goma su ɓaci ɗaya bayan ɗaya, kana da sauran kimanin naira 452,000. Wanda ke sa kashi goma a haɗari, faɗuwa goman nan za ta bar shi da kimanin 174,000, kuma sai ya kusa ninka wannan sau uku kafin ya dawo inda ya faro.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanka. Za ka lura cewa in ka matso da wurin fita kusa, lissafi zai ba ka damar saye da yawa. Sa shi a 49.50, tazarar ta zama kwabo 50, amsa ta fito guda 10,000, wato jarinka kaf a kamfani ɗaya. A takarda har yanzu dubu biyar ce a haɗari, amma ɗan motsin farashi na yini guda ya isa ya fitar da kai. Farashin fita daga halin hannun jarin ake ɗauko shi, sannan adadi ya biyo baya. Duk ranar da ka ga kana matsa shi don adadi ya ƙaru, kwaɗayi ne ke yi maka lissafi, ka dakata.

Kuma farashi ba lallai ya tsaya maka a 46 ba. A kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, yana iya faɗuwa har kashi 10 a rana ɗaya. A ce an tashi kasuwa yana 47, da dare mummunan labari ya fito, da safe masu saye ba su tayawa sai a 42.30. Mai guda 1,250 ya rasa naira 9,625, da zafi amma shagonsa na Mabera bai girgiza ba. Mai guda 10,000, in bai riga ya fita ba, ya rasa 77,000, shi ma in ya sami mai saye a ranar. Saboda haka ka ƙara wa kanka iyaka ta biyu: komai abin da lissafi ya ce, kada kamfani ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarinka, wato naira 100,000 a halin da kake yanzu.