Gyaran Kaftani: A Taɓa Wuri Ɗaya, A Gwada, Sannan A Ci Gaba

Tambaya daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta: "Na sayi ɗinkakken kaftani na shadda, ya yi mini yawa a kafaɗa, da jiki, da hannu, da tsawo. Tela ya ce ba zai gyara duka lokaci guda ba, sai ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa. Ni kuwa kuɗin mota nake ji. In nemi wani telan ne?"

Malam, ka riƙe telan nan, ya san aikinsa. Sassan kaftani a haɗe suke: hannu a jikin kafaɗa yake rataye, hammata kuma nan ne kafaɗa da hannu da ɗinkin gefe suka haɗu. Da zarar an taɓa ɗaya, awon sauran ya canja. Telan da ya auna wurare huɗu a jikin rigar yadda take yanzu, ya yanke su a zama ɗaya, uku daga cikin awon nan sun riga sun tashi daga aiki tun da ya gama gyaran farko.

Bari mu sa lissafi. A ce faɗin kafaɗarka inci 17 ne, na kaftanin kuma 19. Ke nan ɗinkin kafaɗa ya zubo da inci ɗaya a kowane ɓangare, ya sauko kan damtse. A ce kuma bakin hannun ya wuce wuyan hannunka da inci 2. Mai gaggawa zai rage inci ɗaya a kafaɗa, ya datse inci 2 a bakin hannu. Amma ai lokacin da aka mayar da kafaɗa mazauninta, hannun gaba ɗaya ya hau sama da inci ɗaya. Rarar gaskiya inci ɗaya ce kawai, ɗayan incin kafaɗa ce ta ara masa. Sai ka sa riga ka ga hannu ya ɗage, agogo a waje, kuma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

Shi ya sa ake farawa daga sama. Amma kafin komai, in shaddar auduga ce kuma ba a taɓa wanke ta ba, a wanke, ta bushe, a goge. Auduga takan ɗan shige a wankin farko, galibi ta tsawo, kuma gara ta shige kafin a yi awo.

Kafaɗa ce zagayen farko. Tela zai farke hannu, ya ja alli a sabon wurin, ya mayar da hannun da ɗinkin wucin gadi na allurar hannu, manya-manyan taku, ba tare da ya yanke rarar ba. Wannan yana da muhimmanci a shadda musamman, domin allurar keke tana barin layin huji a jikinta, in aka farke sai sawun ya fito ɓaro-ɓaro a kan ƙyallin. Haka ma kada a danna dutsen guga a kan sabon layi sai an tabbatar da shi. Ka sa rigar, ka tsaya yadda ka saba tsayawa. Ɗinkin ya kamata ya zauna daidai kan ƙashin ƙarshen kafaɗa.

A nan mutane da yawa suke mamaki: bayan gyaran kafaɗa kaɗai, rigar da ake gani buhu guda sai ta zauna, har a ga jikin bai kai yadda ake zato yawa ba. Yadin da yake taruwa a gefen ƙirji sau da yawa zubowar kafaɗa ce ta jawo shi.

Zagaye na biyu shi ne jiki, kuma nan aka fi yin ɓarna, saboda lissafinsa yana ruɗi. Riga tana da ɗinkin gefe biyu, kowanne ya haɗa ƙyallen gaba da na baya. In tela ya shiga da rabin inci a kowane gefe, inci 2 ya cire daga kewayen rigar; in ya shiga da inci ɗaya, 4 sun tafi. To a ce ƙirjinka 38 ne, kaftanin 48. Kaftani yana son sarari, kamar inci 5 zuwa 6 a kan awon ƙirji, ya danganta da yadda mutum yake son sakewa. Kada a zabga inci ɗaya nan take. A fara da rabi, a koma 46, ka gwada, in da saura a ƙara. Gwajin kuma ba na tsayuwa gaban madubi ba ne kawai. Ka ɗaga hannu kamar za ka yi kabbara, ka sunkuya kamar ruku'u, ka zauna a tabarma, ka miƙa hannu gaba kamar ka riƙe kan babur. In ka ji yana cizo a hammata, ko ka ga layukan ja sun taso daga hammata zuwa wuya, tsukewar ta hau sama da yawa. Tunda jiki kaɗai aka taɓa a wannan zagayen, an san mai laifi, sai a saki zaren a sauko. Da an haɗa shi da kafaɗa, ba mai iya cewa wanne ne ya matse, sai a yi ta farke-farke. Ka tuna da aljihun gefe ma: a cikin wannan ɗinkin yake, in an shiga sosai dole a cire shi a mayar, kuma ladan aikin zai ƙaru.

Sai hannu, wanda yanzu za a auna rararsa ta gaskiya. Tsawo shi ne na ƙarshe, domin rigar da aka tsuke takan ɗan ɗage ta gaba, musamman ga mai tumbi. A gwada da takalmin da za ka riƙa sawa, a kalmashe a kama da fil, a bar kamar inci ɗaya da rabi a cikin kalmasa saboda gaba.

Batun kuɗin mota kuwa, zagaye huɗu ba zuwa huɗu ba ne. Ku yi alkawari da telan ranar da ba cunkoso, kada ta zama Lahadi da kasuwar Ɗambatta take ci, kuma kada ta zama jajibirin Salla. Ka zauna a shagon: ya kama, ka sa, ya duba, ka cire, ya wuce na gaba. A zama ɗaya za a iya tsayar da duk layukan da zaren wucin gadi, ya bi su da keke bayan ka tafi. Abin da bai shafi juna ba, kamar maɓalli ko tsawon wando, wannan a haɗa shi kawai.

Tambaya daga yankin Ringim: "Na yanko wa yarana maza yadi kala uku-uku na Salla, telan kuma sabo ne. In ba shi duka?"

Hajiya, ki ba shi kala ɗaya na kowane yaro tukuna, ki fara da mafi arha. In an ɗinka, yaro ya sa, ki duba abin da ya fi damun ki, ki sa a canja wannan awon kaɗai a kala na biyu, tela ya rubuta sabon awon a littafinsa kusa da tsohon. In kika ce a ƙara kafaɗa, a ƙara jiki, a ƙara tsawo gaba ɗaya saboda yaro yana girma, rigar za ta fito ba siffa, kuma ba za ki san wanne ƙarin ne ya yi yawa ba. Don girman yaro, ki ce a bar rara a ciki: inci 2 a kalmasar ƙasa da ta hannu, inci ɗaya a ɗinkin gefe, yadda za a saki baɗi. Mai tsadar ya zo na uku, a kan awon da aka riga aka gani a jikin yaron. Wannan tsari yana cin lokaci, don haka ki kai na farkon tun kafin azumi ya kama.